Me ya sa simintin wannan kamfani ya bambanta da na wancan, alhali duk dutse ɗaya ake ƙonawa?

"Ina da gidan buga bulo a Gusau. Na lura wani siminti ya fi wani duhu, wani ya fi saurin kamawa, har ma na kamfani ɗaya yakan sauya hali daga wata zuwa wata. An ce mini duk daga farar ƙasa ake yin su. Ta yaya dutse yake zama siminti, kuma daga ina bambancin yake fitowa?"

Malam, idonka bai ruɗe ka ba. Mafi yawan bambancin da kake gani tun daga ramin haƙar dutse ya taso, kafin wani inji ya taɓa shi. Dalili kuwa shi ne tanderun siminti ba shi da rariya. In ka cire ruwa da iskar da ke fita ta bututun hayaƙi, kusan duk abin da aka zuba a ciki yana nan cikin buhun da ka saya, mai amfani da mai cutarwa. Maƙerin ƙarfe yana narka tama ya kwashe datti ya zubar. Mai siminti ba shi da wannan damar. Abin da dutsensa ya zo da shi, da shi zai zauna.

Yadda dutse ke zama siminti

Dutsen farar ƙasa asalinsa ɓawon halittun ruwa ne da ɓurɓushinsu, suka taru a ƙarƙashin teku tsawon miliyoyin shekaru suka daskare. Sinadarin da ya fi yawa a cikinsa shi ne CaCO3. In aka gasa shi ya kai wajen digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, sai ya rabu biyu: daga kilo 100 na tsantsarsa, kilo 44 ya tashi a matsayin iskar CO2, kilo 56 ya rage, wato CaO, ƙonanniyar farar ƙasa. Wannan ba siminti ba ne tukuna. Ita ce irin wadda ake jiƙawa a shafe bango da ita. Kafin ta zama abin da zai riƙe dekin, dole ta auri silika, sinadarin da ke cikin yashi da laka, tare da alumina kaɗan da tsatsar ƙarfe kaɗan. Waɗannan ukun galibi daga yumɓu ake samun su, ko daga daskararriyar laka mai falle-falle da ke kwance sama ko ƙasan farar ƙasar.

Ana fasa dutsen a mahaƙa, injin farfasawa ya mai da shi tsakuwa, a haɗa da laka bisa awo, a niƙa su ya zama gari mai laushi. A garin nan CaCO3 yakan kasance kashi 75 zuwa 78 cikin 100. Daga nan garin yana gangarowa ta wata doguwar hasumiya inda zafin da ke fitowa daga tanderu ke tarbarsa, kuma a masana'antun zamani a nan ne mafi yawan CO2 ke fita. Sai ya shiga tanderun kansa, wani ƙaton bututun ƙarfe da aka jera wa bulo mai jure wuta a ciki, yana kwance a ɗan karkace, yana juyawa a hankali. A ƙarshensa na ƙasa, inda harshen wuta yake, kayan suna kai digiri 1450. A wannan zafin alumina da ƙarfe suna narkewa su zama ruwa, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na kayan, kuma cikin wannan ruwan ne CaO da silika ke samun haɗuwa. Abin da ke faɗowa dunƙule-dunƙule ne masu duhu, su ake kira kilinka. Ana hura musu iska su huce da sauri, a niƙa su da jifsam, wani farin ma'adini mai taushi, kashi 3 zuwa 5 cikin 100, shi ke nan an sami siminti. Ba don jifsam ɗin ba, da kwaɓinka ya sandare tun yana kan shebur.

Lissafi ɗaya ka riƙe, domin zai dawo: ana buƙatar gari kimanin tan 1.55 kafin a sami kilinka tan ɗaya. Ma'ana duk wani baƙon sinadari da ke cikin dutse, bayan ƙonawa kasonsa yana ƙaruwa da fiye da rabi, tunda CO2 ta tafi ta bar shi.

A cikin kilinka ma'adinai biyu ne ke ɗauke da ƙarfi. Akwai alayit, wanda a takardun gwaji ake rubuta shi C3S, shi ke ba da ƙarfin kwanakin farko har zuwa kwana 28. Akwai belayit, C2S, mai jinkiri, ƙarfinsa sai an yi makonni da watanni. Alayit ya fi cin CaO. In CaO ya wadata kuma wuta ta yi, alayit ya yi yawa, bulonka ya ɗauku da wuri. In ya gaza, belayit ya rinjaya, ka ga bulo yana marmashewa a gefe ranar da ka saba ɗaga shi.

Maki biyu a dutse, maki goma sha huɗu a tanderu

Mu a ɗakin gwaji, lambar da muka fi zuba wa ido ita ce LSF. Tana nuna ko CaO da ke cikin gari ya yi daidai da abin da silika da alumina da ƙarfe, wato SiO2 da Al2O3 da Fe2O3, za su iya haɗiyewa:

```
LSF = 100 x CaO / (2.8 SiO2 + 1.18 Al2O3 + 0.65 Fe2O3)
```

Galibi ana neman ta tsaya tsakanin 92 da 98. In ta sauka sosai, alayit ya ragu. In ta haura 100, za a sami CaO da ya rasa abokin haɗuwa komai wutar da aka ba shi, ya fito a sake cikin siminti.

Bari in buga maka misali da lambobi irin waɗanda ake gani kullum. A ce farar ƙasar da ake haƙa tana da CaO kashi 48, silika 8, alumina 2, ƙarfe 1. Lakar kuma tana da CaO 3, silika 58, alumina 17, ƙarfe 7. In aka haɗa dutse kashi 88 da laka kashi 12, garin zai fito da CaO 42.6, silika 14.0, alumina 3.8, ƙarfe 1.7. Saka su a lissafin, LSF ta ba da 95. Lafiya lau.

To yanzu a ce motar haƙa ta matsa gaba kaɗan, ta shiga wani sashe inda siraran layukan laka suka ratsa dutsen. A ido ba wani bambanci, fari ne kamar na jiya. Amma CaO ya sauka zuwa 46, silika ta hau 10, alumina 2.5. In ba wanda ya lura, aka ci gaba da 88 da 12, LSF za ta faɗo zuwa 81. Maki biyu kacal aka rasa a dutse, amma an rasa goma sha huɗu a inda ake kallo, saboda silika ana ninka ta kusan sau uku a lissafin. Kilinkar da za ta fito daga wannan garin belayit ne zai cika ta, kuma simintinta ba zai kai ƙarfin da aka rubuta a buhu ba. Gyaran shi ne a rage laka zuwa kashi 8, dutse ya koma 92, LSF ta dawo wajen 97. Sai dai rage laka ya rage ƙarfe, ruwan da ke narkewa a tanderu ya ragu, ƙonawa ta yi wuya, don haka a nemo jar marmara mai ƙarfe a ɗan ƙara. Ka taɓa ɗaya, biyu sun motsa.

Wannan ne ya sa mutanen siminti ba su cika neman dutse mafi tsarki ba. Dutse mai tsayayyen hali suke nema. Farar ƙasa mai matsakaicin kyau wadda yau da gobe ɗaya take, ta fi mai kyau ƙwarai da ke hawa da sauka. In gari yana sauyawa kowace awa, mai kula da tanderu yana ta ƙara wuta yana ragewa, rufin da ke manne a jikin bulon tanderu yana zubowa, kilinka tana fitowa rabi ta ƙone sosai rabi ba ta nuna ba.

Duwatsu uku, hali uku

Dubi manyan mahaƙun da simintin Arewa ke fitowa daga cikinsu, za ka ga ba dutse ɗaya ba ne sam.

Na Kalambaina, a gefen Sakkwato, inda aka fara yin siminti a 1967, farar ƙasa ce da ta kwanta kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani teku marar zurfi ya rufe wannan yanki har cikin ƙasar Nijar ta yau. Shi ya sa masana'antar Malbaza, can arewa maso gabas da Birnin Ƙonni, take cin irin wannan shimfiɗar. Dutse ne mai taushi, fari, mai haɗe da laka, in ka fasa shi ka ga ɓawon dodon koɗi da sauran halittun teku. Taushinsa alheri ne wajen niƙa da ƙonawa, kuma lakar da ke jikinsa ta riga ta kawo wani ɓangare na silika da alumina, a gauraye da kyau fiye da yadda inji zai gauraya. Wahalar irin wannan dutse tana zuwa da damina: yana shan ruwa, yana dunƙulewa, yana toshe bakin injin farfasawa, kuma sai an kashe zafi wajen busar da shi. Sannan shimfiɗar tana tsakanin lakoki biyu, ta Dange a ƙasa da ta Gamba a sama. A yankin akwai jifsam da ƙwallayen fosfat cikin lakokin nan. Jifsam abin so ne a wurin niƙan ƙarshe. Fosfat kuwa in ya shiga tanderu da yawa, ya doshi kashi ɗaya cikin 100 na kilinka, yana hana belayit zama alayit, ƙarfin farko ya faɗi ko da LSF tana daidai. Saboda haka mai haƙa a irin wannan wuri dole ya san inda farar ƙasa ta ƙare da inda laka ta fara, taku da taku.

Na Ashaka a jihar Gombe, inda aka fara aiki a 1979, ya girmi na Sakkwato. Kimanin shekara miliyan 90 ke gare shi, daga tekun da ya taɓa malalowa ta kwarin Binuwai, kuma masana duwatsu sun san mahaƙar da yawan burbushin wasu halittun teku masu naɗaɗɗen ɓawo. A can farar ƙasa da laka hawa-hawa suke, wannan kan wancan, kowane hawa da nasa lissafin. Aikin shi ne sanin tifa nawa za a ɗebo daga wannan hawa, nawa daga wancan.

Na Obajana a jihar Kogi kuwa mabul ne, wato farar ƙasa ce da zafi da nauyin ƙasa suka sāke wa halitta fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Ba ɓawon halitta ko ɗaya da ya rage a ciki, ƙyalli kawai za ka gani. Irin wannan yakan zo da CaO mai yawa da danshi kaɗan, amma kusan duk silika da alumina sai an kawo su daga waje, kuma ƙwayoyinsa manya ne, ba su saurin haɗuwa da silika kamar na dutse mai taushi, sai an niƙa da kyau. Mabul ba ya kwanciya shimfiɗe kamar na Sakkwato. A lanƙwashe yake cikin wasu duwatsu masu tauri, jijiyoyin ƙanƙarar dutse suna iya ratsa shi. Kuma ba kowane mabul ne ke yin siminti ba: na Igbeti a jihar Oyo, misali, an san shi da yawan maganisiya.

Abokan gaba da ke ɓoye cikin dutse

Maganisiya, MgO, ita ce wadda na fi tsoro, domin ba a iya gyara ta da ƙarin wani abu, sai dai a tsarma da dutsen da ba shi da ita. Tana zuwa ne daga dolomayit, ɗan'uwan farar ƙasa da ido ba ya bambance su cikin sauƙi. Kilinka tana iya shanye kimanin kashi 2 cikin 100 a jikin ma'adinanta. Abin da ya haura haka yana zama ƙwayoyi masu zaman kansu, waɗanda ba sa shan ruwa da wuri. Sai bayan kankare ya daskare, an yi watanni ko shekaru, su fara sha suna kumbura daga ciki, gini ya tsattsage ba tare da an ɗora masa wani nauyi ba. Ƙa'idar da ake bi ta ce kada MgO ya wuce kashi 5 cikin 100 a kilinka. Tuna lissafin 1.55 ɗin nan: gari mai MgO kashi 3.3 ya riga ya kai iyaka. Hucewa da sauri tana taimakawa, don tana sa ƙwayoyin su tsaya ƙanana, amma ba ta mai da mugun dutse nagari.

CaO da ya fito a sake shi ma kumburi yake yi, sai dai nasa da wuri yake bayyana. Ana so ya tsaya ƙasa da kashi 1.5 ko 2. Abin da ke jawo shi ba yawan LSF kaɗai ba ne. In silikar da ke cikin dutse ta zo a matsayin yashi mai kaushi ko ƙanƙarar dutse, maimakon laka mai laushi, injin niƙa ba ya iya mai da ita gari sosai. Manyan ƙwayoyin nan ba sa gama narkewa a ɗan lokacin da kaya ke yi a wuta, sai su bar CaO ba abokin haɗuwa. A takarda lissafi ya yi daidai, a tanderu abin ya ƙi. Na sha ganin haka: sakamakon gwajin gari yana da kyau, mai tanderu yana ƙara wuta, CaO a sake ya ƙi sauka, sai da aka wanke ragowar da ta tsaya a kan rariyar gwaji da ruwan asid aka ga yashi ne zalla. Daga wani sabon ɓangaren ramin laka ya fito.

Akwai kuma gishirin da ke zuwa da wasu lakoki, da kibiritu, da kilorin. Waɗannan suna tashi su zama tururi a wurin zafi, su koma hasumiya su daskare, su sake gangarowa, suna kewayawa har su toshe hanya a tsayar da aiki. Wanda ya tsira ya shiga siminti kuma yana taɓa saurin kamawa. Ko makamashin ma yana da hannu: in da gawayin ƙasa ake hura wuta, kamar yadda Ashaka ke amfani da na Maiganga, tokarsa tana shiga kilinka, dole a saka ta cikin lissafin silika da alumina tun farko.

Abin da ake yi a mahaƙa

Kafin a kafa masana'anta, ana huda ƙasa a wurare da yawa bisa tsari, a zaro dutse kamar sanda daga sama har ƙasa, a yanka, a gwada kowane yanki. Da wannan ake zana taswirar da ke nuna CaO da MgO da silika na kowane sashe da kowane zurfi. Bayan an fara aiki, duk ramin da aka huda don saka nakiya ana ɗibar ƙurarsa a kai ɗakin gwaji, don a san halin dutsen kafin a fasa shi. Daga nan ake ce wa direbobin tifa: biyu daga nan, ɗaya daga can. Mai gaggawa yakan so ya cinye sashe mai kyau ya bar marar kyau. Ranar da mai kyan ya ƙare, ba abin da zai tsarma ragowar da shi, sai a zubar da dutsen da da an gauraya shi tun farko da ya yi amfani.

Bayan farfasawa, ana zuba tsakuwar a wata doguwar rumfa, shimfiɗa kan shimfiɗa, ɗaruruwa, inji yana kai da komowa a tsawon tulin. In an zo ɗiba kuma sai a yanko ta gefe, a ratsa dukkan shimfiɗun lokaci guda, yadda kowane ɗiba zai ƙunshi ɗan na safe da ɗan na dare da ɗan na shekaranjiya. Bayan niƙa ana gwada garin da na'urar haske kusan kowace awa, ana gyara awon laka da marmara, sannan a sake gauraya shi a rumbu da iska. Duk wannan wahala don a goge bambancin da ƙasa ta zo da shi ne. Tana rage shi ƙwarai, amma in sauyin ya yi girma ko ya daɗe, sai ya ɓullo a buhu. Sauyin halin da kake gani daga wata zuwa wata, wani lokaci sawun wannan ne: an koma sabon hawa a mahaƙa, ko damina ta hana shiga sashen da aka saba.

Inda dutse ya tsaya, da abin da ya rage gare ka

Duhun siminti daga ƙarfe yake. Kamfanin da lakarsa ko marmararsa ke da ƙarfe da yawa, simintinsa zai yi duhu. Farin siminti da ake sa wa tayil, da kayan da kusan ba su da ƙarfe ake yin sa, kuma yana da ƙarfi sosai. Don haka launi yana gaya maka daga wace ƙasa aka haƙo kaya, ba ya gaya maka ƙarfi.

Sannan dutse yana dawowa ta ƙofa ta biyu. Yawancin simintin buhu a Najeriya ana niƙa kilinka ne tare da ɗanyar farar ƙasa da ba a ƙona ba. Duba jikin buhu: CEM II/A-L yana nufin kashi 6 zuwa 20 cikin 100, CEM II/B-L kuma 21 zuwa 35. Wannan halattacce ne a ƙa'ida, yana sa kwaɓi ya yi laushi, yana kuma sa launi ya ɗan yi haske. Amma ita ma sai an zaɓe ta: CaCO3 ɗinta kada ya gaza kashi 75, kuma kada ta zo da laka mai yawa, domin laka ɗanya tana sa siminti ya nemi ruwa fiye da kima, ruwa mai yawa kuwa rauni ne.

Ba zan ɗora wa mahaƙa komai ba. Daga kilinka ɗaya kamfani yana iya fitar da siminti mai lamba 32.5 da mai 42.5, ta hanyar sauya laushin niƙa da yawan farar ƙasar da aka ƙara. Lambar ita ce mafi ƙarancin ƙarfin da zai kai a kwana 28. Harafin R da ke biye da ita na mai saurin ƙarfin farko ne, N kuma na daidai. Kafin ka kwatanta kamfani biyu, tabbatar lamba da harafi ɗaya kake kwatantawa, in ba haka ba ba dutsensu kake aunawa ba. Kuma buhun da ya kwana uku a kan tirela cikin ruwan sama, ko ya yi watanni a kan daɓen shago mai danshi, ya riga ya fara shan ruwa, zai yi jinkiri ko daga wace mahaƙa ya fito.

MgO da CaO a sake ba a ganin su da ido ko a ji su a hannu, sai ɗakin gwaji. Abin da za ka iya a gidan bulonka shi ne wannan: duk sabon lodi, buga bulo kaɗan da yashi ɗaya, awo ɗaya, ruwa ɗaya da wanda ka saba, rubuta kwanan wata da lambar da ke jikin buhu, ka jera su kusa da na tsohon lodi kana ba su ruwa tare. Ka kuma kwaɓa siminti zalla, ka yi ɗan fai-fai mai siririn baki a kan gilashi, ka rufe shi da danshi ya kwana, sannan ka tafasa shi awa uku. In ya tsage ko ya lanƙwashe, akwai CaO a sake da yawa, kada ka zuba wannan lodin a ginshiƙi ko dekin, ka mai da shi ga dila da samfurin a hannunka.